A Daina Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'ar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura: Tun shekarar 2020, lokacin da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu saboda annobar korona, maganar bara ba ta bar majalisunmu ba. Ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a motar Kano zuwa Daura, sojojin baka kuma suna yin ta a rediyo. Abin takaici, sau da yawa akan tashi baram-baram ba a ko taɓa ainihin maganar ba.

Ga yadda takan kasance. Wani ya ce: "Bai dace a kai yaro ɗan shekara shida wani gari ba guzuri, a bar shi da roba a hannu ba." Kafin ya rufe baki, wani ya yi caraf: "Wato a daina karatun Alƙur'ani ke nan!" Ku duba da kyau. Na farko ya ambaci shekaru, ya ambaci abinci, bai ce uffan kan karatu ba. Na biyu ya ƙaga wata magana mai sauƙin rushewa, ya ƙaƙaba masa, ya rushe ta, jama'a suka yi kabbara. Alamar wannan dabara ita ce kalmar "wato", da kuma shigowar "duk" ko "gaba ɗaya" inda mai magana bai sa su ba. Su ma masu sukar bara ba su tsira ba. Idan alaramma ya ce tsangaya ta yaye mahaddata masu rubuta Alƙur'ani da ka, sai ka ji an ce, "Malam dai so yake yara su dawwama a bara." Bai faɗa ba.

Idan aka yi maka haka, kada ka kare maganar da ba taka ba, kada kuma ka ce masa maƙaryaci, domin wataƙila haka ya fahimta. Ka ce: "Malam, ban ce a daina karatu ba. Cewa na yi uba ya ciyar da ɗansa. A nan muka saɓa, ko mun yarda?" In kai ne za ka yi raddi, fara maimaita ra'ayin abokin gardamarka har sai ya ce, "E, haka nake nufi." Sannan ka soke shi son ranka.

Daga nan sai a koma kan mutum. "Ai ɗan boko ne, ko izu biyu bai haɗa ba." Shi kuma ya rama: "Kai da kuɗin Laraba ke riƙe da kai!" An bar jaki ana dukan taiki, kuma Suratul Hujurat ta hana mu jifan juna da munanan laƙabi. Yaron da ya kwana da yunwa ya kwana da ita, ko hafizi ne ya faɗa ko wanda bai san baƙi ba. Sai dai a lura, halin mutum yana shiga magana idan shaida yake bayarwa. Wanda ya ce ya gani da idonsa, muna da haƙƙin tambayar ko mai gaskiya ne. Wanda ya kawo hujja kuwa, hujjar za a auna. In an zage ka, ka ce, "Na ji, ni ɗan boko ne. To, wa zai ciyar da yaron?"

Dabarar da ta fi wuyar sha'ani ita ce "ku fa?", domin yawanci akwai gaskiya a cikinta. "Firamarenku fa, da yara ke zaune a ƙasa, a gama aji shida ba a iya rubuta suna ba?" Ko kuma a juya ta siyasa: "Makarantun tsangaya da Jonathan ya fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, me gwamnatinku ta yi da su?" Tambayoyi ne masu nauyi, kuma wanda ya musa lalacewar firamare don kawai ya ci gardama ya yi ƙarya. Amma rufin aji da ya yaye a Gwiwa bai cika robar almajiri a Kazaure ba. Laifi biyu ne, kowanne da mai shi. Kada ka mayar da "ku ma fa?", don haka ake yi har a kai kan tsofaffin gwamnoni Saminu Turaki da Sule Lamido da Badaru, a manta da yaron. Ka amsa masa cewa gaskiya ya faɗa, za a zo kan firamare, amma a gama wannan tukuna. Kuma idan an gama, ka cika alkawari ka zo kanta, in ba haka ba zargin son kai da ya yi maka ya tabbata.

Malamai, masu unguwanni da dattawan majalisa, ku ake jin nauyi. Idan kuka ji an ɗora wa wani abin da bai faɗa ba, ko da ba ku tare da shi, ku tsayar da zancen ku ce a bar shi ya maimaita da bakinsa.