Kada ku ɗora kyamara kan jarumar da ba ku sani ba

Masu rubuta fim a Sagnarigu da cikin garin Tamale, da Dagbanci kuke yi ko da Hausa, akwai wata cuta da ke yaɗuwa a tsakaninku: a tsunduma rubuta fim na minti casa'in alhali ba a rubuta ko shafi biyu kan rayuwar jarumar ba. Wannan sakaci ne, kuma mai kallo ake raina wa hankali.

Mu ce sunan jarumarku Azara, haifaffiyar Sagnarigu a 1998. Ta bar makaranta a aji uku na firamare, ta tafi Accra dako tana da shekara goma sha shida, ta dawo bayan shekara biyar tana sayar da hatsi a kasuwar Aboabo. A fitowa ta 12 ta miƙa wa ƙanenta waya ya karanta mata saƙo. A fitowa ta 60 sai ga ta tana karanta sammacin kotu da Turanci tiryan-tiryan! Yaushe ta koya? Marubucin ya manta ne kawai. Darakta ma ba zai kama kuskuren ba, domin ba a jere ake ɗaukar fim ba: duk fitowar da ke tsakar gida ɗaya rana guda ake ɗauke ta, ta farkon labari da ta ƙarshensa. In babu takardar tarihinta a hannu, babu abin da za a auna da shi.

Tun a 1946 Lajos Egri ya kasa wannan tarihi gida uku: jiki, zaman jama'a da zuciya. Wuyan Azara na ciwo saboda kaya, don haka ba ta waiwaye sai da dukan jikinta. Da Dagbanci take magana a gida, Hausa a kasuwa, Twi kuwa sai rai ya ɓaci.

Na ukun ne kuka fi wasa da shi. A Accra matar da take ba ajiya ta gudu da kuɗinta na shekara biyu. Tun daga ranar, ko mahaifiyarta ba ta san inda take ɓoye kuɗi ba. To, idan a fitowa ta 70 ta damƙa wa saurayi jarinta kaf don kawai kuna son ya yaudare ta, kun rushe ta. Tana iya sauyawa, amma sai mun gani da idonmu: ta gwada shi da sidi ashirin, ya dawo da su cif; ta ƙara masa, tana hana idonta barci.

Kafin ranar ɗauka, ku jera fitowarta duka, kowace ku tambaya: wane layi ne a tarihinta ya haifi wannan aikin? Inda kuka rasa amsa, ko dai ku yanke fitowar, ko ku koma baya ku dasa dalilinta. Sannan ku ba 'yar wasan takardar, ku ba mai kula da sutura kwafinta.