Kada ka yanke wa zanen yaro hukunci da abin da waya ta nuna maka

Ɗana, kai da ke karatu a Gusau, ƙannenka na Ruwan Bore ko Tsafe ko Bungudu suna turo maka hoton aikinsu na lissafi ka duba musu kafin jarrabawar WAEC ko NECO, tsaya ka ji. In yaro ya raba kusurwa biyu da kamfas da rula ya ɗauko maka hoto, kada ka yi garajen ɗora ma'aunin kusurwa a fuskar waya ka ce ya yi kuskure. Hoto ba takarda ba ne.

A ce kusurwar digiri 60 ce, bakinta O, ƙafa ɗaya a kwance. Yaron ya buɗe kamfas santimita 6, ya kafa allura a O, ya ja baka ta yanki ƙafafun biyu a A da B. Bai taɓa buɗin kamfas ba, ya kafa a A ya ja baka, ya kafa a B ya ja wata, suka gitta juna a C. Sai ya ja layi daga O zuwa C. Aiki ya yi, domin OA daidai yake da OB, AC daidai yake da BC, OC kuma na tarayya ne. Kowane ɓangare digiri 30.

To amma yana zaune a tabarma, littafin na gabansa, ya karkata wayar kamar digiri 45 ya ɗauka. Tsayin zanen zai tsuke a hoton, faɗinsa kuwa yana nan kusan yadda yake. In ka auna a waya za ka samu ɓangaren ƙasa wajen digiri 22, na sama wajen 29. Ka ga ke nan za ka kayar da wanda ya yi daidai, wata rana kuma ka yaba wa wanda ya kauce.

Saboda haka ka san abin da hoto ke riƙewa da abin da yake ɓatawa. Tsawo da girman kusurwa suna sauyawa, da'ira ta koma siffar ƙwai. Amma miƙaƙƙen layi yana nan a miƙe, layin da ya ratsa ta wani ɗigo a takarda kuma zai ratsa ta nan a hoto. A kan wannan za ka tsaya. Ka buɗa hoton sosai ka duba: bakar farko ta yanki ƙafafun biyu? Bakunan biyu na ƙarshe sun gitta juna sarai, ko kusantar juna kawai suka yi? Layin ya taso daga O daidai, ya bi ta tsakiyar mahaɗar? Ƙaramar kauciya ba abin rainawa ba ce. In C na nesa da O da santimita 10, kaucewar milimita 1 gefe ta ɗan haura rabin digiri. In santimita 2 ce tsakaninsu, wannan milimitar ta kusa digiri 3. Shi ya sa ake hana yara ƙananan bakuna da fensir mai kauri.

Akwai kuma mai wayo, wanda zai auna digiri 30 da ma'auni ya ja layinsa, sannan ya zana bakuna da hannu don ado. Bakar kamfas siririya ce, jan fensir ɗaya, lanƙwasarta kuma tana rungumar inda aka kafa allura. Ta hannu takan yi kauri, ta yi rawa, ɗaya ta fi ɗaya lanƙwasa. In ka yi shakka, ka ce ya ɗaga takardar a hasken rana ya ɗauko bayanta. Ya kamata ka ga hudar allura uku, a O da A da B.

Abin da hoto ba zai taɓa gaya maka ba shi ne ko kamfas ɗin ya zame tsakanin A da B, kamar yadda mai sakakkiyar ƙusa ke yi. Wannan sai awo a kan takarda. Ka ce ya ɗora rula ya gaya maka tsawon AB da OC. A misalinmu AB santimita 6 ne, OC kuma kusan 10.4. Ya auna AC da BC su ma, in sun bambanta, kamfas ya motsa.

Ka koya musu ɗaukar hoton tun farko. A shimfiɗa takarda a shimfiɗaɗɗen wuri, a riƙe waya sama da ita daidai, gefunan takardar huɗu su fito, a zana cikakkiyar da'ira a gefe. In da'irar ta fito kamar ƙwai, a sake ɗauka. Kuma kada su goge bakuna don zane ya yi tsabta, mai duba jarrabawa su yake nema.

In hoton bai isa ka yanke hukunci ba, ka ce masa, "Ƙanena, sake ɗauko mini," ya fi ka ce bai iya ba. Allah Ya ba su sa'a.