Awo Kafin Shuka: Jawabin Maraba ga Sababbin Ɗaliban Sashen Aikin Gona a Gumel

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake kora girgije zuwa inda Ya so, Ya fitar da zangarniya daga rairayi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'ya'yana ɗalibai, ina yi muku maraba da sunan malaman wannan sashe na Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel. Na san akasarinku daga ƙasar nan ta Lautai kuka fito, daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ba wanda zan nuna wa yadda ake riƙe sungumi, kuma a cikinku akwai wanda ya fi wasu malamansa iya huɗa. Abin da za mu ƙara muku a shekara ukun nan shi ne awo da rubuta abin da aka auna. Shi ne ya raba manomi mai ilimi da manomi mai kirdado, kuma a kansa zan tsaya yau.

Kada wani ya ɗauka awo baƙon abu ne da boko ya zo da shi. Duk wanda ya karanta babin zakka a Risala ya san cewa nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, kimanin kilo 650 a ma'aunin zamani. Ya san ana fitar da ɗaya bisa goma daga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin daga abin da aka shayar da wahala. To, wanda bai san yawan abin da ya shiga rumbunsa ba, ta yaya zai fitar da haƙƙin Allah daidai? Shari'a ta riga kwaleji neman manomi ya iya lissafi.

Ku dubi ƙasar da Allah Ya ba mu. Jigawa ce, rairayi mai sauƙin noma, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, kuma tana da ƙarancin sinadarin fosfaras wanda saiwa ke buƙata tun tana jaririya. Ruwanmu bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, ya soma a Yuni, ya ɗauke a Satumba. Manomin fadamar Haɗeja yana iya yin kuskure ya gyara da noman rani. Na Maigatari damina ɗaya gare shi, in ta kuɓuce sai baɗi.

Saboda haka awon farko na ruwa ne. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ku kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo. Idan ruwa ya ɗauke, ku sa rula ku karanta zurfinsa. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Ruwan fari yakan ruɗi mutane. Ya zo da iska da ƙura da tsawa, gari ya yi sanyi, kowa ya ɗauki sungumi, alhali abin da ya sauka bai kai milimita goma ba. Iri ya tsiro, kwana goma su wuce ba ɗigo, rana ta ƙone shi, a koma neman wani irin a lokacin da ya fi tsada. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce a jira ruwan da ya kai kimanin milimita 20, sannan a tona a ga laima ta sauka kamar kamu ɗaya na hannu. Ban ce shukar binne da iyayenmu ke yi jahilci ba ce. Mai gona babba da hannu kaɗan yana da hujjarsa, domin geron da ya riga fita yakan fi na baya. Amma ya san kasada yake yi, kuma ba ya zuba taki a ramin binne.

Awo na biyu na iri ne, kuma ana yin sa tun sauran makonni kafin damina. Ku ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ku cakuɗa, ku ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓen masu kyau ba. Ku jera su a kan tsumma mai laima, ku naɗe, ku ajiye a inuwa kuna yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana bakwai ku ƙirga waɗanda suka fid da saiwa da tsiro. In sun haura 80, iri ya yi. In sun tsaya wajen 60, a ƙara yawan ƙwaya a rami. In ba su kai rabi ba, wannan na tuwo ne. Gwajin nan bai ware irin gida ba, bai ware ingantacce ba. Ko Sosat, geron da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri ta fitar wa manoma a shekarar 2000, idan aka adana shi a ɗaki mai zafi da laima sai ya mutu a buhu. Kuma shi gero iska ke yi masa barbara, don haka Sosat da ya yi shekaru kusa da geron gida yakan gauraye, sai an sabunta shi.

Yanzu ga aikin da nake so kowa ya iya kafin ya bar aji ɗaya. Mu ɗauki gona a Sule Tankarkar, tsawonta mita 100, faɗinta mita 50, rabin hekta ke nan. Idan an bar mita ɗaya tsakanin rami da rami ta kowane ɓangare, ramuka 5,000 za ta ɗauka. Mai gonar ba shi da kuɗin buhu biyu ko uku na taki da zai watsa, kuma ko ya watsa, yawancinsa zai faɗa inda saiwa ba ta kai ba, ciyawa ta ci wani, ruwan Agusta ya nutsar da wani. Masana a tashar bincike ta Sadore, kudu da Yamai a Jamhuriyar Nijar, sun gwada wata dabara a kan rairayi irin namu: a ba kowane rami ɗan taki kaɗan tun lokacin shuka. Gwargwadon shi ne giram 6 na kamfa mai lamba 15-15-15, kimanin cikin marfin kwalbar lemo. Ramuka 5,000 sau giram 6, kilo 30 ke nan, buhu ɗaya mai kilo 50 ma da saura.

Hikimar ita ce tsiro ya sami fosfaras a kusa tun makonninsa na farko. Saiwarsa sai ta yi saurin sauka, ya yi ƙarfi kafin iskar farkon damina ta bulale shi da yashi, ya iya jure tsayawar ruwa ta 'yan kwanaki. Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ake yawan ɓarna. Taki gishiri ne. In ya haɗu da ƙwaya a rami mai ƙarancin laima, sai ya janye ruwan da ke jikinta ya ƙona tsiron. Za ku gane haka idan layin da aka sa wa taki ya fito da giɓi-giɓi, na kusa da shi da ba a sa wa ba ya fito cif. Maganinsa a sa takin a gefe, a bar ƙasa kamar yatsa biyu ko uku tsakaninsa da iri, kuma sai ƙasa ta jiƙu. Bayan mako biyu zuwa uku, lokacin noman firi, a rage shuka a bar uku a rami. Na san zuciyar manomi ba ta son cire tsiro mai rai, amma goma a rami ɗaya kara suke bayarwa, zangarniya ta fito siririya.

Daga nan sai karatun ganye. Tsiron da ya tsumbure, ganyensa ya yi duhu da ɗan ja-ja, fosfaras yake nema. Wanda tsofaffin ganyayensa na ƙasa suka soma rawaya daga baki, naitirojin ya yi masa kaɗan, sai a ɗan ƙara yuriya a gefe a rufe da ƙasa mai laima. In kuwa gero ya ƙi gaba ga laima ga taki, ku yi zargin wuta-wuta tun ba ta ɓullo ba, domin tana tsotsar saiwa makonni kafin a gan ta. Gindi ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi da ke iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, don haka a tuge ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gona.

Kada ku karɓi wannan dabara don ni shugaban sashe na faɗa. Ku gwada. Ku sa taki a layi goma, ku bar layi goma na kusa ba taki, ku maimaita haka a wuri uku cikin gonar. Ku nisanci ƙarƙashin gawo da tsohon makwancin shanu, domin ƙasar wurin ta riga ta ƙoshi, za ta ɓata muku hukunci. Da kaka ku sussuke kowane kashi daban, ku ɗora tsabar a sikeli. Dami ba ma'auni ba ne, na wani ya fi na wani. Sannan ku yi lissafin riba. A ƙaddara cewa kuɗin kilo ɗaya na taki ya kai na kilo uku na gero: kilo 30 ɗin nan sun ci kilo 90 ke nan. Ƙarin da bai wuce kilo 90 a rabin hektar ba wahala ce kawai, kuma ba a shawartar talaka ya sa kuɗinsa sai ƙarin ya kai ninki biyu na abin da ya kashe. Farashin gaskiya kuwa ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ku tambayo da bakinku.

Dabarar tana da iyaka, kuma amana ce in faɗa muku. Giram 6 a rami, a hekta guda, kilo 9 ne kacal na naitirojin, alhali geron da ya yi kyau yana kwashe fiye da haka cikin tsaba da kara. Wanda ya dogara da marfin kwalba shekara bayan shekara, yana kwashe kara ƙarƙaf, ba takin gida, ba wake ko gyaɗa a tsakani, to yana cin ajiyar 'ya'yansa ne. Wannan ƙasa aro ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu a kanta. Yawancinku malamai za ku zama, abin da kuka koyar rabi-rabi zai bazu a ƙauyuka da sunanku.

Tawakkali yana nan a matsayinsa. Mu auna, mu shuka, mu roƙi Allah damina mai albarka, domin gwangwani ba ya jawo hadari. Abin da nake nema gare ku a makon farko kaɗan ne: kowa ya zo da littafin rubutu mai kauri da rula, da tafi ɗaya na geron da gidansu zai shuka, a ƙulle a takarda, da sunan garin da shekarar da aka girbe shi. Da shi za mu buɗe darasin gwajin iri. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya yi wa iyayenku albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.