Magana Zarar Bunu Ce

Wanda ya taɓa zaro bunu daga jinka ya san ba a mayar da shi gurbinsa. Da wannan magabata suka ja kunnenmu kan furuci. A ganina saƙon waya ya fi furucin baki shiga hukuncin karin maganar, domin babu fuska ko murya da za su tausasa shi, kuma yana nan ajiye, a karanta a sake karantawa, har a nuna wa jama'a a majalisa.

Wata ɗaliba ta zo sanin makamar aiki a wani ofishi mai raba wa manoma taki a Batsari. Shugabanta mutum ne mai gaskiya amma mai gaggawa. Ranar Talata ya ce ta tura wa wani maigari na wajen Wagini: "Ba ku kawo sunaye ba. In Alhamis ta wuce mun cire ku."

Ta dubi saƙon, ta ga duk gaskiya ne, sai dai ya fara da tuhuma ya ƙare da barazana, ga dattijon da ya isa ya haifi shugaban nata. Kuma a ƙasar da hanya ba kullum take biyuwa ba saboda ɓarayin daji, jinkiri ba lallai sakaci ba ne. Sai ta rubuta: "Ranka ya daɗe, barka da damina, ya jama'a? Sunayen manomanku ba su iso mana ba, ga shi ranar Alhamis za mu rufe, domin Juma'a za a kai Katsina. Idan hanya ba daɗi, a ɗauki hoton takardar a turo ta wannan lamba, kada mutanenku su rasa rabonsu."

"Ba ku kawo ba" ya koma "ba su iso ba", laifi ya sauka daga kan mutum. Barazana ta koma dalili, aka kuma buɗe mafita. Wa'adin kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba, kuma nan ne masu lallashi da yawa ke zamewa: su yi ta gaisuwa har ranar ta ɓace. Ana gane hakan daga amsa. In aka ce "To, Allah ya kai mu" babu rana babu lokaci, saƙon bai yi aikinsa ba.

Ba ta tura a ɓoye ba. Ta miƙa wa shugaban wayar ta ce, "Yallaɓai, a duba ko na rage wani abu." Ya karanta ya ce, "Tura, 'yata." Washegari da hantsi hoton takardar ya shigo, da godiyar maigari.

Kafin kaka, har wasiƙun da za a kai fadar Sarkin Ruma da na ƙungiyoyin Safana ita shugaban yake faɗa wa manufarsu a taƙaice, ta tsara, shi ya sa hannu.