Ratar Shekaru a Neman Aure: A Faɗa Sau Ɗaya, a Faɗa da Gaskiya

Duk wanda ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ko ta Ƙofar Kuyambana, ya zauna da mutanen cikin ganuwa, zai lura da wani abu game da neman aurensu. A can da wuya mutum ya ɓoye shekarunsa. Tsofaffin unguwa sun halarci sunansa, sun san sa'o'insa, kuma idan dangin yarinya suka fita bincike, kafin rana ta faɗi sun ji kome. Mu kuwa da yawanmu mazauna Sabon Gari ne da Tudun Wada da Samaru, mun zo daga garuruwa masu nisa. Babu tsohuwar da za ta ba da shaidarmu. Saboda haka nauyin da unguwa take ɗauka a cikin birni, a wurinmu ya koma kan bakin mai neman auren.

Tambayarmu ita ce: idan rata tana da yawa tsakanin manya biyu masu son juna, yaushe ya kamata a faɗa, kuma yaya?

Bari mu ɗauki misali. Ma'aikacin gwamnati ne mai shekara 46, yana neman budurwa mai shekara 25. Ƙa'idar yawancin ma'aikatan gwamnati ita ce ritaya a shekara 60, ko bayan shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan albashinsa ba zai wuce shekara 14 nan gaba ba. A lokacin ita tana da 39, ɗansu na fari kuwa bai daɗe da shiga makarantar sakandare ba. Wannan lissafi ba ya hana aure. Amma hakkinta ne ta yi shi da kanta tun zuciyarta tana da 'yancin cewa a'a. Haka kuma idan macen ce babba, hakkin saurayin ne ya sani, domin zancen haihuwa yana da lokaci.

Lokacin da ya dace shi ne zance na biyu ko na uku, kafin a aika manya su kai gaisuwa gidan iyaye. Da zarar an karɓi goro, kunya takan ɗaure bakin yarinya. Sai ya ce mata a fili: "Shekaruna 46. Na girme ki da 21. Ki yi tunani, ki shawarci mahaifiyarki, ba na neman amsa yau." Ya faɗi shekarun haihuwa na ainihi, domin mun san wasu suna riƙe da takardar rantsuwa ta kotu mai ɗauke da shekarun da aka rage saboda aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne: kafin ɗaurin aure Fada zai nemi sabuwar takardar baftisma, kuma wanda aka yi wa baftisma yana jariri, littafin Ikkilisiya yana riƙe da shekararsa.

Dokar Ikkilisiya ta 1983, a sashe na 1098, ta koyar cewa auren da aka samu yardarsa ta hanyar yaudara a kan wani hali na mutum, irin wanda zai iya girgiza zaman aure ƙwarai, bai ɗauru ba. Ba kowace ƙarya a kan shekaru ce take kai wa nan ba, kotun Ikkilisiya ce take dubawa. Duk da haka darasin a bayyane yake: yarda ba ta cika sai da sani.

To, bayan an faɗa fa? A nan ne wasu suke yin kuskure na biyu. Sukan mai da shekarun abin zance kullum, ko da ban haƙuri, ko da ba'a, har a rasa lokacin sanin hali. Abin da ratar take buƙata kaɗan ne: a tattauna abin da iyali za su ci bayan ritaya, da zancen 'ya'ya, da ko akwai marayu daga auren farko. Idan an gama, sai a koma ga abin da kowane masu neman aure suke bincikawa, wato yadda mutum yake riƙon kuɗi, da yadda yake fushi, da yadda yake girmama iyaye.

Akwai alamar da za mu gane ko ratar ta zama matsala. Idan duk gardama tana ƙarewa da "na girme ki", ko kuwa ita tana jin nauyinsa kamar na uba har ba ta iya musa masa, to sai a dakata a nemi shawarar Fada ko katekis. Idan kuwa tana iya ce masa "ban yarda ba" ya saurara, shekarun sun zauna a matsayinsu.

Allah ya ba matasanmu gaskiya a baki da natsuwa a zuciya. Amin.