Hukuncin wanda takardun gidansa suka ɓata

Tambaya

A shekarar 2009 na sayi fili a Maiduguri a hannun wani dattijo maƙwabcinmu, babu dangantaka tsakanina da shi. Mun rubuta takardar ciniki a gaban shaidu biyu, bulama ya buga hatimi. A 2012 gwamnatin jiha ta ba ni takardar shaidar mallaka da sunana, na gina gida, ina ciki da iyalina har yau. Ambaliyar watan Satumba na 2024 ta tafi da akwatin da takardun biyu suke ciki. Dattijon ya rasu a 2021, ɗaya daga cikin shaidun ma ya rasu. Yanzu babban ɗan marigayin ya ji labari, ya ce aro mahaifinsa ya ba ni, in kawo takarda ko in tashi. Wani abokina ya ce mu rubuta sabuwar takardar ciniki, mu sa mata kwanan watan 2009, mu kwaikwayi sa hannun marigayin, tunda dai gaskiya ce muke tabbatarwa. Shin hakan ya halatta? Da me zan kare gidana kafin sabuwar takarda ta fito? Kuma zan iya sayar da shi in huta?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya mayar muku da alherin abin da ruwa ya ci. Amsata tana kan abin da ka faɗa ne, yanke hukunci tsakaninku kuwa aikin alƙali ne bayan ya ji ɓangare biyu.

Gidan naka ne, ɓatan takarda bai taɓa mallakarka ba. A shari'a mallaka tana tabbata ne da sababinta, wato ciniki ko gado ko kyauta da makamantansu. Ranar da dattijon ya ce ya sayar, ka ce ka saya, a kan sanannen fili da sanannen kuɗi, filin ya fita daga hannunsa ya shiga naka. Rubutun da kuka yi, irin wanda Allah ya shiryar da mu zuwa gare shi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, tsaro ne daga mantuwa da musu. Abin da ka rasa hujja ɗaya ce daga cikin hujjojinka, kuma kana da wasu.

Shawarar abokinka haramun ce, kada ka kusance ta. Takardar da za ku rubuta za ta ce marigayin ya sa mata hannu a 2009, alhali bai taɓa ganin ta ba, kuma duk wanda ya tsaya ya ce a gabansa aka rubuta ta ya yi shaidar zur, wadda Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta tare da shirka da saɓa wa iyaye a cikin mafi girman zunubai. Kasancewar cinikin ya faru da gaske ba ya wanke ƙaryar da ke jikin takardar. Ko ta fuskar duniya ma cutar kanka za ka yi. A gidan marigayin akwai wasu takardu masu sa hannunsa na gaske da za a iya kwatantawa, wataƙila ma kwafinsa na takardar asali yana nan a cikin kayansa. Ranar da aka gane jabun, alƙali zai daina yarda da maganarka ta gaskiya, ga kuma tuhumar laifi a kanka. Abin da ya halatta shi ne shaidan da ke raye ya rubuta abin da ya gani a 2009, ya sa kwanan watan yau, ya sa hannun kansa.

Game da abin da za ka kare kanka da shi, fara sanin matsayinka a wannan rigima. Kai ne gida yake hannunka, ɗan marigayin shi ne mai da'awa, ƙa'idar shari'a kuwa ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Imam Muslim ya ruwaito cewa wani mutumin Hadramaut da wani mutumin Kinda sun yi jayayya kan gona a gaban Annabi (SAW). Na farko ya ce gonar mahaifinsa ce, na biyu ya ce tana hannunsa yana noma ta. Wanda ya zo da da'awar shi Annabi ya tambaya hujja, da ya rasa sai aka ce masa ba shi da komai sai rantsuwar abokin shari'arsa. Don haka “kawo takarda ko ka tashi” magana ce da aka juya. Shi ne zai kawo shaidun da suka san aro aka ba ka.

Akwai wani wuri mai santsi da ya kamata ka lura da shi. Kai da bakinka ka yarda asalin filin na mahaifinsa ne, kuma wanda ya yarda da haka sannan ya ce ya saya, a asali shi ake nema ya tabbatar da sayen. Abin da ya ɗauke maka wannan nauyi shi ne hauzi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala da Ibn Asim a Tuhfatul Hukkam, idan wanda ba dangi ba ya riƙe gida ko fili shekara 10 yana cewa nasa ne, yana gini da rushewa irin na mai abu, mai asalin wurin yana gari, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka, sai a karɓi maganar mai riƙon tare da rantsuwarsa cewa saye ya yi. Mu auna da naka. Daga 2009 zuwa 2021 shekara 12 ke nan, dattijon yana raye, maƙwabcinka ne, a idonsa aka haƙa tushe, aka ɗora bulo, aka buga kwano, bai ce uffan ba. Wa'adin ya cika a kansa shi da kansa tun kafin ya rasu, magaji kuwa ba ya gadon abin da ya wuce haƙƙin wanda ya gada.

Hauzi yana da iyaka. Idan aka tabbatar da shaidu cewa da aro ko haya ko jingina mutum ya shiga wuri, tsawon zama ba ya amfanar da shi komai daɗewarsa, shi ya sa ɗan marigayin ya zaɓi ya ce aro. Tsakanin dangi na kusa ma shekara 10 ba ta isa ba, saboda ɗan'uwa yakan yi kawaici. Kuma hauzi alama ce da alƙali yake dogara da ita, ba ya halatta wa mutum abin da ya san a ransa ba nasa ba ne. Annabi (SAW) ya gargaɗi wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya magana cewa yankin wuta aka yanka masa. Wannan gargaɗin ya hau kan ɗan marigayin idan ya san an yi cinikin, haka kuma duk wanda kwafin takardar yake hannunsa daga cikin magada ya ɓoye, domin ɓoye shaida zunubi ne da aya ta 283 ta ambata.

Shaidanka da ke raye hujja ce babba. A lamarin dukiya Malikiyya suna hukunci da adilin shaida ɗaya tare da rantsuwar mai haƙƙi. Ka je masa a wannan makon, kada ka jira sai an kai ka ƙara, domin ɗayan shaidan ya riga ya rasu. Ka nemi maƙwabtan da suka ga ginin, da maginin da ya yi aikin, da bulama ko lawanin unguwar. Dattawan da ba su halarci cinikin ba amma sun daɗe suna jin jama'a na cewa wane ya sayi filin wane, shaidar ji da za su bayar tana ƙarfafa wanda abu yake hannunsa, ko da yake ba a ƙwace abu daga hannun wani da ita. Ka tattara duk rasit ɗin kuɗin ƙasa da takardar izinin gini da na wutar lantarki masu sunanka, da duk abin da zai nuna ka biya kuɗin filin. Kotunan ƙasa ma ba su taƙaita hujja ga takarda ba: a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar ƙasa, takarda ɗaya ce daga ciki, daɗewar riƙo da ayyukan mallaka suna cikin sauran.

Sai neman madadi, wanda nake ganin ya zama dole a kanka tunda har an fara jayayya kuma kana da magada. Takardunka biyu ba ɗaya suke ba. Ta gwamnati tana da fayil da rajista a hukumar filaye ta jiha, domin tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamna ne yake bayar da irin ta. Hanyar da aka saba bi ita ce ka kai rahoto ga 'yan sanda su ba ka takardar rahoton, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka buga sanarwar ɓata a jarida don mai ƙorafi ya fito, sannan ka rubuta wa hukumar kana neman kwafin da aka tabbatar da hatimi. Lambar fayil ita ce mabuɗi, idan ka manta ta sai a bi ta sunanka da lambar fili da lambobin da ke jikin duwatsun kan iyaka. Ka biya kuɗin hukuma a karɓi rasit, ka guji masu cewa za su fito maka da ita ta bayan fage. Ka roƙi a duba cikin fayil ɗin, sau da yawa akan tarar da kwafin takardar cinikin da aka haɗa lokacin neman shaidar. Ka kuma sanar da su a rubuce cewa akwai jayayya, don kada a taɓa fayil ɗin ba da saninka ba. Idan ta kai ga ƙara, filin birni mai takardar gwamna Babbar Kotun jiha ce take da hurumi a kansa, sai ka nemi lauya.

Takardar rantsuwar nan kada ka ɗauke ta cike fom kawai. Ka karanta abin da akawu ya rubuta kafin ka sa hannu, ka faɗi ranar da yadda takardun suka ɓata ba ƙari. Ina jaddada wannan ne don wasu suna rantsuwa takarda ta ɓata alhali tana banki a jingine ko tana hannun mai binsu bashi, su karɓi sabuwa su sayar da wuri sau biyu. Wannan ita ce rantsuwar gamusa mai dulmiyar da mai ita. Idan kuma wata rana ta asalin ta fito, ka sanar da hukumar, kada takardu biyu su riƙa yawo a kan gida ɗaya.

Batun sayarwa, mutum yana da ikon sayar da abin da ya mallaka ko babu takarda a hannu, amma wajibi ne ka gaya wa mai saye cewa takardun sun ɓata kuma akwai mai jayayya, ɓoye wannan algus ne da ke ba shi damar mayar maka da gida. Shawarata ka dakata. Sayar da abin da ake rigima a kansa akwai garari a ciki, za a taya maka a wulaƙance, kuma doka tana buƙatar amincewar gwamna kafin a mayar da suna, abin da ba zai yi sauƙi ba sai kwafin ya fito. Kafin nan ka ci gaba da zama a gidanka, kada ka bar shi kango. Ka nemi bulama ya tara ku da magadan gaba ɗaya a gaban shaidan da ke raye, idan sun amince mahaifinsu ya sayar, a rubuta amincewar tasu da kwanan watan ranar, kowa ya sa hannu.

Wallahu a'alamu.