Haƙƙin da ke bin mutum har cikin kabari

A wurin jana'iza, kafin a tayar da kabbara, ɗan'uwan mamaci yakan miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su. Jama'a su amsa da Allah ya jiƙansa, a sallace shi, a kai shi makwanci. Daga nan sai a kafa rumfa, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a dafa abinci ranar arba'in. Mai bin bashi kuwa idan ya yi ƙarfin halin zuwa, sai a ce masa ya bari a raba gado tukuna, gadon da za a shekara goma ba a raba ba. Wannan mugun hali ya yaɗu a garuruwanmu har ya daina ba mutane kunya, kuma shi nake so mu bi sawunsa tun daga kabari har wurin hisabi.

Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar gida da shago, an yi musu kuɗi naira 9,600,000. Ana bin sa naira 1,600,000 na hatsin da ya karɓa a kasuwa. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, da yarinya 'yar shekara tara, bai bar wasiyya ba, maƙwabta kuma sun ɗauki nauyin likkafani. Tsarin da malamanmu na Malikiyya suke karantarwa a bayyane yake: hidimar binne mamaci, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. In an cire bashin, saura 8,000,000. Matar tana da tumuni, wato 1,000,000. Ragowar 7,000,000 a kasa biyar, kowane namiji 2,800,000, yarinyar 1,400,000. Lissafin bai fi na rabin sa'a ba. Amma babban ɗa ya riƙe takardun gida, yana karɓar kuɗin hayar shago, yana cewa raba gado raba zumunci ne.

Uban yana cikin kabari. Hadisi ya tabbata cewa mamaci yana jin ƙarar takalman masu rakiyarsa sa'ad da suka juya, sannan mala'iku biyu, Munkar da Nakir, su zaunar da shi su tambaye shi Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. A ce ya amsa daidai, an buɗa masa kabarinsa, ana nuna masa mazauninsa safe da yamma a wannan zama na barzahu. Duk da haka Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Akwai ranar da aka kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, gawa, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari biyu ne, sai ya ja da baya ya ce su sallaci ɗan'uwansu. Bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A ruwayar Jabir, Annabi ya ci gaba da tambayar Abu Ƙatada labarin dinaran, da aka biya ne ya faɗa masa cewa yanzu fatar mamacin ta yi sanyi. Ko shahidi, wanda ake gafarta wa komai, an togace masa bashi a hadisin Muslim. To, ina ga wannan uban da ake ta yi wa mai hatsin da ke bin sa jeka-ka-dawo a ƙofar gidan da aka yanka sa ranar arba'in?

Gaskiya ne akwai sauƙi ga wanda ya ci bashi da niyyar biya, mutuwa ta riske shi bai samu hali ba, domin Buhari ya ruwaito cewa Allah zai biya masa. Sai dai wannan uban ya bar dukiyar da ta ninka bashinsa sau shida. Laifin jinkirin yana wuyan ɗan da ya zauna a kanta.

Shi ma ɗan zai mutu. Za a busa ƙaho, a tashi mutane babu takalmi babu tufa, a tsaya a yinin da Suratul Ma'arij ta ce tsawonsa shekara 50,000 ne. Za a kusanto da rana, gumi ya kama kowa gwargwadon aikinsa, wani iya idon sawu, wani iya gwiwa, wani har ya yi masa linzami. A wannan fili ne wanda ya ƙwaci ƙasa ko da taki ɗaya ce zai zo an rataya masa ita a wuya har ƙassai bakwai. Sahabi Sa'idu ɗan Zaidu ne ya faɗi wannan hadisi lokacin da wata mata ta kai ƙararsa a Madina a kan iyakar fili, yana nuna cewa wanda ya ji irin wannan magana ba zai taɓa ƙasar wani ba. Rabon ƙanwar nan a cikin gidan ya fi taki nesa ba kusa ba. Kuma marainiya ce, aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta kwatanta cin dukiyar irinta da cusa wuta a ciki.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin biyan haƙƙi. Hisabi iri biyu ne. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, farkonsa salla, Allah yana yafe shi ga wanda ya so in ba shirka ba ce. Abin da ke tsakanin bayi kuwa, wanda za a fara da shari'ar jini, sai an rama wa kowa, har tunkiya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho. Ranar babu naira, da lada ake biya. Annabi ya kira mutumin da zai zo da salla da azumi da zakka, alhali ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, da sunan matsiyaci na gaskiya. Za a ɗebi ladansa a ba masu haƙƙi, in ya ƙare kafin a gama, a kwaso zunubansu a ɗora masa, a jefa shi wuta. Babban ɗan nan zai iya zuwa da aikin hajji da sahun farko na shekara talatin, ya ga mai hatsi da mahaifiyarsa da ƙaninsa da ƙanwarsa suna jiransa kafin a ɗora komai a kan mizani.

Kada kowa ya ruɗi kansa da yafiyar kunya. A tara dangi a zaure, dattijo ya dubi bazawara ya ce, "Hajiya, ai kin bar wa yara naki ko?" ita kuma ta sunkuyar da kai ta yi shiru, wannan ba kyauta ba ce, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Rabon yarinya ƙarama kuwa babu waliyyin da ke da ikon yafe shi. Istigfari da umara ma ba sa sauke wannan kaya, sharaɗin tuba daga haƙƙin mutane shi ne a mayar da shi. In mai hatsi ya rasu, a nemi magadansa. In shago ya kawo haya shekara biyar, a lissafa ta a raba yadda aka raba asalin dukiyar. In 'yan'uwa sun kasa daidaitawa, a kira malamin da ya san ilmin gado, ko a tafi gaban alƙali.

Ko waɗanda suka tsallake siraɗi ba su gama ba. Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri cewa za a tsayar da muminai a kan wata gada tsakanin wuta da Aljanna, a rama wa sashensu zaluncin da sashe ya yi musu a duniya, sai an tsarkake su sannan a yi musu izinin shiga. Mutanen da suka riga suka tsira daga wuta ke nan ake tsarewa a bakin ƙofa, kuma a cikinsu akwai wa da ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya.